Wannan tsuntsu janbaki ne ko ba shi ba ne?

Ɗan Madarunfa: Assalamu alaikum jama'a. Ga hoto ƙanena ya turo mini daga gonarmu ta bakin fadama, da salula ya ɗauka jiya bayan la'asar. Tsuntsu ne zaune kan zangarniyar hatsi, bakinsa ja. Hatsin ya fara yin ido, kuma ya ce sun fi kwana uku suna sauka. Tsohonmu hankalinsa ya tashi, ya ce janbaki ne ya iso. Ni ina nan cikin Maradi, ban gani da idona ba. Wanda ya san tsuntsaye ya duba mana don Allah.

Mai Shanu: Wa alaikumussalam. Ka tambaye shi ko akwai dabbobi kusa. Ni jan baki na sani ga carki, kuma launin jikin ma ya yi kama. Idan shi ne ka kwantar da hankalinka, kaska yake nema, ba ruwansa da hatsi.

Inna Mai Fura: Kai, wannan ai irin na tsakar gidana ne. Kullum suna gindin turmi suna tsintar tsaki, ko korarsu ba na yi. Ba su da ɓarna ko kaɗan, ɗana. Ku bar bayin Allah su ci rabonsu.

Baba Malamin Gona: Sannunku. Na buɗe hoton na ƙara girmansa, kuma ina roƙon kowa ya yi haka kafin mu ci gaba. Ku ɗan manta da jan launin tukuna, domin a ƙasar nan tsuntsaye masu jan baki sun kai huɗu ko biyar, kuma rayuwarsu ba ɗaya ba ce. Abin da na fara dubawa shi ne girma. Sa'ar da muka yi, tsuntsun yana kan zangarniya, ita ce ma'auninmu. Jikinsa bai fi kaurin zangarniyar da yawa ba, kuma karan bai ko sunkuya ba. Wannan tsuntsu ne na wajen santimita 12 daga baki zuwa wutsiya, bai kai gwara ba. Carki yana kai santimita 20, jikinsa dogo ne, wutsiyarsa doguwa mai tauri da yake dogara da ita a jikin saniya. Sannan carkin da muke gani a nan gindin bakinsa rawaya ne, tsinin ne kawai ja. Malam Mai Shanu, ka duba na garkenka gobe da safe za ka ga haka.

Na biyu siffar bakin. Gajere ne, mai kauri a gindi, ya tsuke zuwa tsini, kuma kaurin gindin ya kusan cike fuskar. Irin wannan baki awartaki ne, aikinsa fasa ƙwaya. Tsuntsun yana ɗaukar ƙwayar, ya juya ta tsakanin leɓɓan bakin, ɓawon ya faɗi ƙasa, ya haɗiye cikin. Wanda yake rayuwa da ƙwari bakinsa siriri ne. Saboda haka ko ba mu san sunansa ba, mun riga mun san cewa ba hutawa ya zo yi kan zangarniyar ba.

Mai Shanu: To Baba, na ji batun girma. Amma launin ƙasa-ƙasan nan fa, duk ɗaya nake ganinsu.

Baba Malamin Gona: Ba ɗaya ba ne. Bayan carki sumul yake, launi guda. Wannan kuwa dubi bayansa, zane-zane ne, baƙi-baƙi da fari-fari a jere daga wuya zuwa gindi. Wannan zanen ne kuma ya raba shi da na Inna. Inna, na gidanki namijin ja ne kusan duk jikinsa, ko ba haka ba? Macen kuma ruwan ƙasa ce sumul, da ɗan ja a gindin wutsiya da ɗigon ja gaban ido.

Inna Mai Fura: Haka ne kuwa, Malam. Namijin ja wur, har da ɗan zobe rawaya a ido. Sun yi sheƙa cikin bunun rumfata, da gashin kaji suka shimfiɗe ta.

Baba Malamin Gona: To shi ke nan, naki daban ne. Wancan bai wuce santimita 10 ba, nauyinsa wajen giram 9, bakinsa ƙarami ne, sai ƙananan ƙwayoyin ciyawa da tsakin da ya zuba a ƙasa. Biyu-biyu ko 'yan kaɗan suke yawo, kuma a ƙasa suke kiwo. Gaskiyarki ce, ba shi da ɓarna. Amma ba shi ne a hoton nan ba.

Mushe na Tibiri: Ni ina da wani zato, Baba. Zalaidu ma bakinsa ja ne. Kowa ya san namijin da damana, baƙi da fari da doguwar wutsiya, amma macen da namijin da ya zubar da wutsiya ruwan ƙasa ne masu zane, kuma girmansu kusan ɗaya da wannan. Na sha nuna wa yara su a filin lakwal. Me ya hana ya zama ita ce?

Baba Malamin Gona: Mushe, wannan tambaya ce ta wanda ya zauna ya kalli tsuntsu, domin nan ne ake yawan ruɗewa. Wuri uku za ka duba. Kan macen zalaidu yana da layuka masu ƙarfi, baƙi da ruwan ƙasa mai haske, a jere daga goshi zuwa ƙeya, daga nesa ma ana ganinsu. Kan wannan kuwa toka-toka ne, sai farar gira guda a saman ido. Ƙafar zalaidu baƙa-baƙa ce, ta wannan kuma mai haske ce, tana ɗaukar ja. Sannan bakin zalaidu ƙarami ne idan ka gwada shi da kansa, ba ya cike fuska haka. Halinsu ma ya bambanta: zalaidu a ƙasa yake neman abinci, yana ɗan tsalle baya yana tone rairayi da ƙafa don ya fito da ƙwayar da ta nutse.

Akwai kuma abu ɗaya da ya fi gamsar da ni. Ku dubi gefen fiffiken inda ya naɗe. Akwai siririn layi rawaya a bakin dogayen gashin. Da wannan, da zanen baya, da gajeriyar wutsiya, da kaurin bakin, ni na tsaya a kan cewa janbaki ne. Wanda yake son ya gwada da wasu hotuna ya rubuta Quelea quelea ya nema.

Mushe na Tibiri: Amma hotunan janbaki da na sani fuskarsa baƙa ce, da ruwan hoda a kai da ƙirji. Wannan babu baƙin fuska ko kaɗan.

Baba Malamin Gona: Wancan namiji ne cikin kayan aure. Lokacin sheƙa ne kawai yake yin baƙar fuska, wasu ma fara suke yi, kuma kewayen fuskar wani ruwan hoda ne, wani launin kara. Da lokacin ya wuce sai ya zubar da gashin ya koma kamar macen. Mafi yawan watannin shekara haka za ka gan su, ba ado. Abin da ya sa nake cewa a bar launi zuwa ƙarshe ke nan, tsuntsu guda yana canza shi cikin shekara, amma siffar bakinsa da tsawon wutsiyar janbaki ba sa canzawa.

Ɗan Madarunfa: Innalillahi. To Baba, gonar ta tafi ke nan? Ga wani hoton ya sake turowa yanzu. A nan su biyu ne, na biyun bakinsa rawaya. Ya kuma ɗauko zangarniyar da aka ɓata.

Hajiya ta Sabon Gari: Ku gafarce ni in shigo. Tunda ana maganar tsuntsaye, tantabaruna sun daina ƙyanƙyasa, ƙwai biyu-biyu suke yi su bari. Ko akwai maganin da ake sa musu a ruwa?

Mushe na Tibiri: Hajiya, a yi mana haƙuri mu gama da gonar nan, sai a buɗe taki maganar daban don masu kiwo su gani.

Baba Malamin Gona: Ɗana, kada ka yi saurin yanke ƙauna, hoto ya gaya mana wane ne, bai gaya mana su nawa ba ne. Bari in fara da zangarniyar, domin na ga abu biyu a jikinta. Can sama inda ƙwaya ta ɓace faci-faci, ɓawo ya rage a buɗe, wannan cin tsuntsu ne. Yana sauka ya riƙe zangarniyar da ƙafa ya ci abin da bakinsa ya kai, galibi daga sama. Idan ƙanenka ya duba ganyen da ke ƙasa da gindin karan zai ga ƙaiƙayi ya zuba, da fararen kashin tsuntsu. Amma wancan layin da ya kewaye zangarniyar yana murɗawa daga tsakiya zuwa ƙasa, ba tsuntsu ya yi shi ba. Murzuna ce. Tsutsar tana cin gindin furen daga ciki, tana tafiya tana kewayawa, sai wurin ya tashi ya bushe. Ya ɓare layin da farce, ko ya ga tsutsar ko ya ga garin kashinta. Na faɗi haka ne don kada a ɗora wa tsuntsu duk asarar, a kwana ana kora alhali rabin ɓarnar daga ciki take.

Yanzu mai rawayan baki. A nan ba zan rantse ba. Macen janbaki idan ta shiga lokacin ƙwai bakinta yana barin ja ya koma rawaya. Idan ita ce, maganar ta fi nauyi, domin yana nufin akwai inda suke sheƙa ko suke shirin yi ba nisa sosai. Amma a hoton ta ba mu gefe, fiffiken yana cikin inuwa, kuma hasken la'asar yana rina komai rawaya a salula. Macen mulufi ma haka take, ruwan ƙasa mai zane da gajeriyar wutsiya, bakinta fari-fari, kuma fadama gidansu ce. Da na ga layin rawaya a fiffike da jan zobe a ido da na ce janbaki ce.

Ɗan Dakoro: Baba, da izininka. Mu a arewa wanda ya fi cinye mana hatsi ba janbaki ba ne, ɗan rawayan nan ne mai jan baya, wanda yake tara ƙirare cikin aduwa da farar ƙaya ya yi ƙatuwar sheƙa. Macensa fara-fara ce, bakinta ba ja ba. Ni da na ga hoton nan na biyu ita na gani. Suna haɗuwa da janbaki su yi kiwo tare, na sha gani a bakin rijiya da rani.

Baba Malamin Gona: Ka kawo magana mai kyau, kuma gaskiya ne a ƙasar hatsi ta arewa wannan tsuntsu, Passer luteus a littattafai, yana yin ɓarnar da sau da yawa ake jingina wa janbaki. Abin da ya sa ban karkata can ba, macensa launin rairayi ce, zanen bayanta kaɗan ne, wutsiyarta kuma ta fi tsawo. Ta hoton nan zanenta ya yi duhu. Sai dai ban kore zancenka ba.

Ɗan Dakoro: Ni dai ina nan kan bakana. Duhun nan inuwar ganye ce. A sake ɗauka da safe a gani.

Mushe na Tibiri: Wani abu ya ɗaure mini kai. An ce janbaki ya fi kowane tsuntsun daji yawa a duniya, ana ƙiyasta shi da wajen biliyan ɗaya da rabi. Idan duk hatsi suke ci, ai da ba a girbe ko damin guda a Afirka ba.

Baba Malamin Gona: Ai ba hatsi ne asalin abincinsa ba, Mushe. Ƙwayar ciyawar daji ce, ƙanana masu kamar milimita 2, bakin nasa daidai su aka yi shi. Duk rani a ƙasa yake tsintarsu. Idan garke ya sauka za ka ga na baya suna tashi suna tsallake na gaba su sauka, haka suke tafiya har su share fili. Da ruwan farko ya sauka ƙwayoyin suka tsiro, abincinsa ya ƙare a dare ɗaya, dole ya tashi ya nufi inda ruwa ya riga ya sauka tun makonni, inda sabuwar ciyawa ta fara yin ido. Daga nan sai ya biyo damana ya dawo. Shi ya sa wata shekara ka gan shi, wata shekara ko ɗaya. Yana faɗa wa gona ne idan ciyawar daji ta gaza, ko idan gonar ce ta riga kowa nuna a kusa da ruwa. Kuma kullum sai ya sha ruwa, don haka gonakin bakin gulbi da na kewayen tafki su ne a gaba.

Batun sheƙa kuwa, cikin ƙaya suke yi, dubbai a wuri guda. Namiji ne yake saƙa ta da ɗanyar ciyawa cikin kwana biyu zuwa uku, ƙarama, ƙofarta a gefe. Mace ta yi ƙwai galibi uku, a ƙyanƙyashe cikin kamar kwana 10, 'ya'yan su bar sheƙa bayan kamar mako biyu. Da ƙwari irin su fara da tsutsa ake soma ciyar da su. Abin da manomi ya kamata ya sani shi ne, iyayen suna tashi su bar 'ya'yan a wurin, kuma waɗannan sabbin tashi su ne suke afka wa gonakin da ke kusa. Su kuma bakinsu bai yi ja ba tukuna, toka-toka ne. Wanda yake jiran ya ga jan baki kafin ya yarda janbaki ne, sai a cinye gonarsa yana kallo.

Ɗan Madarunfa: Irin hatsin da muka shuka kuwa, HKP ne mai saurin nuna, kuma mun riga maƙwabta shuka da kusan mako biyu. Nasu bai gama fitar da kai ba.

Baba Malamin Gona: To ka ga dalilin da ya sa suka zaɓe ku. Iri mai saurin nuna alheri ne a shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, amma idan gona guda ce ta yi ido a duk fadamar, duk tsuntsun yankin wurinta zai taru. Idan na maƙwabta ya kawo, nauyin zai rabu.

Mai Shanu: Ni a ganina a jiƙa hatsi da maganin ƙwari a watsa a bakin gona, a huta. Wani maƙwabcinmu haka ya yi.

Inna Mai Fura: A'a, Malam, kada ka koya wa yaro wannan. Kaji da zabin mutane fa? Yaran da suke tsintar tsuntsu su gasa fa?

Baba Malamin Gona: Inna ta riga ni. Kuma ko ta fuskar amfani ba ya aiki. Tsuntsun da ya samu ɗanyen hatsi mai madara a sama ba zai sauko ya ci busasshe a ƙasa ba. Waɗanda za su ci su ne masu kiwon ƙasa: kurciya, zabi, irin na gidan Inna, sannan shirwa da duk abin da ya ci gawarsu. Ko feshin da hukuma take yi, a makwancinsu ake yi da dare ko da magariba, da ma'aikatan da aka horar, kuma shi ma yana kashe tsuntsayen da ba su ake nema ba. Ba aikin mutum ɗaya ba ne.

Ga abin da zan ce ƙanenka ya yi. Yau da magariba ya tsaya a wuri mai tudu ya ga inda suke nufa idan sun tashi, da kuma yadda suke tafiya. Janbaki a dunƙule yake tashi, garken duka ya juya lokaci guda, kuma za a ga layi bayan layi suna bin hanya ɗaya zuwa makwanci, ko cikin ƙaya ko cikin dogayen ciyayin ruwa. A wajen Hadeja da Nguru cikin kacala suke kwana. Idan 'yan talatin ko hamsin ne suke watsewa nan da can, kora ta isa. Idan kuwa layin ya ɗauki mintoci yana wucewa bai yanke ba, gobe da safe a sanar da mai gari da ma'aikatan gona na yankin, a gaya musu inda makwancin yake. Wannan labarin shi suka fi buƙata, ya fi hoton tsuntsu guda amfani a wurinsu.

Korar kuma tana da lokaci. Suna ci daga fitowar rana zuwa hantsi, da rana ta yi zafi su koma inuwa kusa da ruwa, su dawo daga la'asar zuwa faɗuwar rana. A waɗannan lokuta biyu ake son mutum a gona. A ja igiya daga rumfar tsaro zuwa kusurwoyi, a rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, a haɗa da majajjawa. Mutum-mutumi da leda mai ƙyalli suna aiki kwana kaɗan ne, daga nan sun saba, sai an riƙa sauya musu wuri. Daga madara zuwa girbi mako uku ne zuwa huɗu, kuma da ƙwaya ta yi tauri a yanke a kai gida, kada a bar dami a gona.

Mushe na Tibiri: Sa'ar ma lakwal ba ta koma ba sai Oktoba, akwai yaran da za su taya. Baba, hatsi mai gashi fa? Kakana yana cewa tsuntsu ba ya son sa.

Baba Malamin Gona: Kakanka ya san abin da yake faɗa. Gashin yana tsokanar ido da fuska idan tsuntsun ya kai baki, musamman mai gajeren baki irin wannan da dole ya manna fuskarsa a zangarniya. Idan akwai marar gashi a kusa, can za su tafi. Amma idan yunwa ta kai yunwa kuma babu zaɓi, suna ci. Yana rage ɓarna ne, ba ya hana ta. Wannan shawarar baɗi ce, tare da daidaita ranar shuka da maƙwabta.

Ɗan Dakoro: Idan zai sake ɗaukar hoto ya ba rana baya, kuma ya samu mai rawayan bakin daga gefe, wutsiya da fiffike su fito. Sannan ya duba itatuwan ƙaya na kusa. Idan ya ga tarin ƙirare, tsuntsun da na faɗa ne. Idan ƙananan saƙaƙƙu na ciyawa ne birjik, na Baba ne.

Baba Malamin Gona: Na yarda da wannan gwajin. Sai dai kada ya ruɗe da sheƙar kabare da ke reto a manyan itatuwan cikin gari, waccan ta fi girma kuma ƙofarta a ƙasa take.

Ɗan Madarunfa: Na gode ƙwarai, Baba, na gode jama'a, Allah ya saka da alheri. Na kira shi yanzu. Ya ce ya ɓare layin ya ga tsutsa a zangarniya biyu, kuma tsuntsayen jiya gabas suka yi, wajen tafki, amma bai lura da yawansu ba. Zai tsaya da magariba ya duba, gobe kuma ya ɗauki hoton da safe. Ni ma zan shiga mota in je in taya su jan igiya.